Wa ke shan cajin wayarki cikin dare?

Ƙanwata malamar firamare ce, kuma a unguwarsu wuta ba ta cika kwana ba. Da yamma takan aika yaro ya kai wayarta wurin mai caji, a dawo da ita bayan isha'i kusan cike. Sai ta ɗan duba saƙonni, ta ajiye ta a gefen gado, ta kwanta. Da asuba cajin ya zube kamar an huda tulu. Ta kai wa wani mai gyara, ya juya wayar sau biyu a hannu, ya ce batir ne, ta kawo kuɗi a canza. Kafin ta biya ta kira ni.

"Yaya, wayar da ba ta kai shekara biyu ba, har batirinta ya mutu?"

Na ce ta riƙe kuɗinta tukuna, ta ba ni 'yan kwanaki. Abin da muka yi a kwanakin nan shi zan bayyana, domin hanyar ɗaya ce ko wace irin wayar Android mutum ke riƙe da ita, ba ta buƙatar sukundireba, kuma ba ta buƙatar sauke wata manhaja. Takarda da biro kawai, sai haƙuri.

Da farko ya kamata a san yadda lafiyayyiyar waya take kwana. Allon waya shi ne babban mai shan caji, kuma da dare a kashe yake. Abin da ya rage shi ne ƙwaƙwalwar wayar da kuma na'urar da ke magana da turken sabis. Tun daga Android 6, wanda ya fito a 2015, akwai wani tsari da ake kira Doze, wato gyangyaɗi. Idan allo na kashe, wayar ba ta jikin caji, kuma tana ajiye wuri ɗaya ba ta motsi, sai tsarin ya fara rufe wa manhajoji ƙofa: ya hana su intanet, ya jinkirta ayyukansu, sannan lokaci zuwa lokaci ya buɗe musu 'yar taga su yi abin da za su yi a gurguje, ya sake rufewa. Yayin da dare ke nisa, tazarar da ke tsakanin tagogin na ƙaruwa. Kira da saƙon tes da ƙararrawar agogo suna shigowa duk da haka, haka ma saƙonnin da aka yi wa alamar gaggawa, shi ya sa saƙon WhatsApp ke iso ki da tsakar dare. A Android 7, a 2016, an ƙara wani gyangyaɗi marar nauyi da ke aiki ko da wayar na motsi a aljihu.

Wayar da ta samu wannan barcin, a abin da na saba gani, takan rasa kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari daga kwanciya zuwa asuba. Idan ta kai kashi 10, akwai abin dubawa. Idan ta haura 20, to wayar ba ta yi barci ba sam. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce me ya hana ta barci, kuma amsar ba ta wuce ɗayan uku: batirin da kansa ya gaji, ko sabis ne ke wahalar da ita, ko wata manhaja ko wani saiti ne ya riƙe ta a farke. Kowanne da irin gwajin da ke tona shi.

Daren farko ba mu canza komai ba, kuma wannan ne mutane suka fi tsallakewa. Na ce ta rubuta lokacin da ta ajiye wayar da adadin cajin, ta sake rubutawa da ta farka, kada ta taɓa ta a tsakani. Ƙarfe 11 na dare tana kan 88, ƙarfe 6 na safe tana kan 55. Kashi 33 cikin awa bakwai, kusan kashi 5 a kowace awa. Batirinta mai 5000 mAh ne, kamar yawancin wayoyin da ke hannun mutane yanzu, don haka kowane kashi ɗaya daidai yake da 50 mAh. Ta yi asarar 1650 ke nan, sulusin batirin, ba tare da ta kalli ko hoto ɗaya ba. Na tambaye ta ko wayar na da ɗumi da safe. Ta ce e, bayanta da ɗan zafi-zafi, ta ɗauka na ɗaki ne. Wayar da ta kwana a ajiye ya kamata ta tashi da sanyi irin na teburin da take kai. Ɗumi alama ce ta aiki.

Dalilin rubutawa shi ne ido da tunani suna yaudara. Mutum zai rantse ya ajiye waya a cike, alhali ya yi awa guda yana kallon bidiyo a kwance. Kuma idan ba ka da lambar farko, ba za ka san ko gyaran da ka yi ya yi amfani ba. Ƙa'ida ta biyu ita ce abu ɗaya ake canzawa a kowane dare. Wanda ya kashe abubuwa goma lokaci guda zai iya ganin sauƙi, amma bai san ɓarawon ba, kuma ya gurgunta wayarsa a banza.

Dare na biyu ta kunna Airplane mode, alamar jirgin saman nan da ke cikin jerin maɓallan da ake jawowa daga saman allo. Wannan yana yanke layukan waya da data, sai dai a duba da ido cewa Wi-Fi da Bluetooth ma sun mutu, domin wasu wayoyin kan bar su a kunne. Ta kwanta tana 90, ta tashi tana 86. Kashi 4.

Nan take maganar mai gyara ta faɗi. Batirin da ya lalace bai san an kunna jirgin sama ba, zai zube ko da sabis ko babu. Wanda ya yi wannan gwajin ya ga cajin ya ci gaba da zuba, sai ya yi mafi tsanani: ya kashe wayar ɗungurungum ta kwana a mace. Wayar da ke kashe bai kamata ta rasa fiye da kashi ɗaya ko biyu ba. Idan ta rasa 10 ko 15 a haka, to batir ne ko wata matsala a cikin injin, kuma a nan ne mai gyara ke da aiki. Batirin da ya tsufa yana da wasu alamomin da ba sa ɓuya: caji ya yi tsalle daga 30 zuwa 8 cikin 'yan mintoci, ko wayar ta mutu tana nuna 20, ko murfin baya ya fara ɗagowa saboda batirin ya kumbura. Wannan na ƙarshen ba abin jira ba ne, a daina cajinsa, kada a matsa shi, a kai a cire. Irin batiran nan na litiyam ƙarfinsu na raguwa ne bayan ɗaruruwan cikawa da ƙarewa, kuma zafi na hanzarta tsufansu. Mai sa waya ƙarƙashin matashi tana caji a watan Afrilu yana rage mata kwana da hannunsa.

To, matsalar ƙanwata tana da alaƙa da sadarwa. Amma sadarwa gida biyu ce, kuma dole a raba su: akwai wahalar da wayar ke sha wajen riƙe sabis, akwai kuma abin da manhajoji ke yi da intanet idan sun samu. Dare na uku ta cire jirgin sama, ta bar layukanta biyu a kunne, amma ta kashe data. Ta rasa kashi 9. Lissafin ya fito fili: kashi 4 na kwanan wayar ne na yau da kullum, kusan 5 na riƙe sabis, sauran 24 kuwa ba sa tafiya sai an kunna data.

Mu fara da ƙaramin, domin a gidaje da yawa shi ne babban. Waya da turken sabis kamar mutum biyu ne da ke magana daga nesa. Idan suna kusa, raɗa ta isa. Idan nisa ya yi yawa ko katanga ta shiga tsakani, sai wayar ta ɗaga murya, kuma ɗaga muryar nan da caji ake yin sa. Mafi muni shi ne sabis mai zuwa yana ɗaukewa, inda wayar ke kwana tana lalube, ta kama 4G ta saki, ta faɗa 3G, ta sake hawa. Inda turken unguwa ke mutuwa da dare idan wutarsa ta yanke, wayoyin unguwar duka sai su koma neman wani mai nisa. Ga kuma ɗakin da ke can ƙuryar gida, mai kaurin bango da rufin kwano. Sandunan sabis da ke saman allo ba su cika faɗin gaskiya ba, domin kowane kamfanin waya da yadda yake zana su. Ainihin lambar tana cikin Settings, a About phone, a SIM status, inda aka rubuta Signal strength. Lamba ce mai alamar ragi a gabanta, ana auna ta da dBm, kuma duk yadda ta yi nisa da sifili, haka sabis ɗin ya yi rauni. A kan 4G, -85 sabis ne mai kyau, -100 na lallaɓawa ne, -115 kuwa wayar ihu take yi. A gefen gadon ƙanwata layinta na farko ya nuna -88, na biyu -113. Layin na biyu na tsohon wurin aikinta ne, ba ta ma tuna ranar da aka kira ta da shi ba. A cikin saitin layuka ana iya kashe layi ɗaya ba tare da an zare shi ba, kuma haka ta yi.

Saura babban ɓarawo. Dare na huɗu muka shiga Safe mode. Wannan wani yanayi ne da Android ke tashi da manhajojin da wayar ta zo da su kaɗai, duk waɗanda mutum ya sauke da kansa su zama toka-toka, ba sa buɗuwa kuma ba sa aiki a ɓoye. A wayoyi da yawa ana shigarsa ne ta danne maɓallin kashewa, idan Power off ya bayyana a allo sai a ɗora yatsa a kansa a riƙe har tambayar Safe mode ta fito. A wasu kuwa sai an kashe wayar, a kunna, a danne maɓallin rage sauti yayin da take tashi. Fita ba wuya, sake kunna wayar ne kawai, kuma ba a rasa hoto ko saƙo. Abu biyu nake gargaɗi a kai. Wayoyi da dama kan kunna Airplane mode da kansu idan sun shiga wannan yanayin, don haka a kashe shi a kunna data, in ba haka ba gwajin dare na biyu aka maimaita. Sannan manhajar kiran salla da aka sauke ba za ta yi kira ba a daren, sai a saita agogon wayar na asali.

Da data a kunne, da layi ɗaya, a cikin Safe mode, ta rasa kashi 5. Ke nan ba Android ba ne, ba kuma manhajojin kamfanin wayar ba. Wani abu ne da ita ta saka.

Sai yanzu muka buɗe shafin da yawancin mutane ke fara buɗewa, wato Battery usage da ke cikin Settings ƙarƙashin Battery. Sunan da wurin kan ɗan bambanta tsakanin Samsung da Tecno da Infinix da Redmi, amma rubuta Battery a akwatin bincike na Settings zai kai mutum. Na ajiye shi zuwa ƙarshe da gangan, domin shafi ne mai sauƙin ruɗarwa. Wanda ya buɗe shi da yamma zai ga TikTok ko WhatsApp a sama, ya ce ya kama ɓarawo, alhali waɗannan sun hau sama ne saboda shi ya wuni a cikinsu. Lokacin dubawa shi ne da farkawa, kafin a buɗe komai. Idan wayar na nuna zanen caji na awa-awa, a taɓa awannin dare kaɗai. Kuma abin nema ba wanda ya fi kowa yawan kashi ba ne. A taɓa manhajar a kwatanta lambobi biyu: tsawon lokacin da ta yi a kan allo, da tsawon lokacin da ta yi tana aiki a bayan fage, wanda ake rubutawa Background. Manhajar da aka buɗe na minti uku amma ta yi awa shida a bayan fage, ita ce ake nema.

Wani tarkon kuma shi ne Google Play services, wanda kan fito a sama mutane su yi ta ƙoƙarin kashe shi. Sau da yawa shi ɗan aike ne. Wata manhaja ce ke ta tura shi ya nemo mata inda wayar take ko ya daidaita mata bayanai, sai a rubuta kuɗin a kansa. Kada a taɓa shi, a nemi mai aiken.

Dare na biyar ta koma yadda ta saba, da data a kunne, don mu kama shi da hannu dumu-dumu. Da safe ta turo mini hoton shafin. Wata manhajar sauke bidiyo ce, irin waɗanda ake tura wa juna daga waya zuwa waya ba daga Play Store ba. A kan allo, babu ko minti ɗaya. A bayan fage, awa 6 da minti 40. Da ta buɗe ta, sai ga kashi uku na wani fim mai dogon zango da ta sa a sauke makonni da suka wuce, lokacin da ta sayi datar dare. Sun tsaya a rabi, wurin da ake ɗauko su ya daina amsawa, ita kuwa manhajar ba ta san haƙura ba: ta gwada, ta kasa, ta sake gwadawa, har gari ya waye. Shafin Data usage ya ƙara tabbatarwa, domin can ma an raba datar da kowace manhaja ta ci a gaban ido da wadda ta ci a ɓoye.

"To Yaya, ina gyangyaɗin da ka ce wayar na yi? Me ya sa bai hana ta ba?"

Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta na cikin abin da ita kanta ta amince da shi. Android na barin manhaja ta nemi a cire ta daga wannan takurawar. Ranar da aka saka ta, wani ɗan akwati kan fito yana tambaya ko a bar ta ta riƙa aiki a bayan fage, mu kuwa mun saba danna Allow don mu wuce. Daga Android 12 zuwa sama, idan aka danne alamar manhaja aka shiga App info sannan Battery, a kan ga zaɓi uku: Unrestricted, Optimized da Restricted. Na farko sakin linzami ne, na biyu shi ne na kowa da kowa, na uku ɗaure ta ne sai an buɗe ta. Tata tana kan Unrestricted. Bayan haka, manhajar da ke sauke abu ko kunna sauti takan kafa sanarwar da ba ta gogewa a saman allo, kuma muddin sanarwar na nan, tsarin na ɗaukar cewa aiki ne da mai wayar ya sani yake kuma so. Sanarwar na nan tun tuni, ta nutse cikin tarin saƙonnin guruf-guruf da ba ta sharewa. Wayoyi masu Android 13 zuwa sama da yawa suna nuna adadin irin waɗannan manhajojin masu aiki a ƙasan jerin maɓallan sama, da maɓallin tsayar da kowace.

Ta soke saukarwar ukun, ta mayar da manhajar kan Restricted. Daren da ya biyo baya, daga 84 zuwa 79.

Ba kowa ne zai tarar da manhajar bidiyo ba. Na ga wayar da Hotspot ne aka manta a kunne bayan an ba maƙwabci data, wayarsa kuma ta kwana tana sabunta manhajoji ta jikin ta mai gida. Na ga mai kwana da karatun Alƙur'ani a kunne da sauti can ƙasa, manhajar na jawo sura bayan sura daga intanet har asuba, alhali da ya sauke su tun farko ya kuma saita lokacin tsayawa, da cajin bai taɓu sosai ba. Akwai masu ajiyar hotuna da ke ɗora bidiyon biki ta kan sabis mai rauni, aikin minti goma ya zama na dare guda. WhatsApp ma kan yi ajiyar saƙonninsa wajen ƙarfe 2 na dare, wanda a ƙa'ida ba ya daɗewa, sai idan an haɗa da bidiyo kuma an yarda ya yi ta kan data. Sai agogon da ke haske a allo ko da wayar na kulle, wato Always On Display, wanda shi kaɗai kan ci kashi da dama kafin safe. Wanda kuma wayarsa ta yi babban sabuntawa jiya ko shekaranjiya, ya ba ta kwana biyu ko uku kafin ya fara bincike, domin a lokacin tana ta sake jera kayanta ne.

Abin da ba na so shi ne mutum ya gano Restricted ya bi kowace manhaja da shi. Manhajar kiran salla da aka ɗaure za ta iya yin shiru da asuba, haka mai tunatar da shan magani, kuma sanarwar shigar kuɗi daga manhajar banki na iya makara. Waɗannan aikinsu ke nan su farka lokacin da kake barci, kuma abin da suke ci kaɗan ne. A ɗaure wadda lissafi ya nuna kawai. Shi kuwa Force stop na ɗan lokaci ne, da an sake buɗe manhajar ta koma halinta, amma yana da amfani a matsayin gwaji: idan ana zargin manhajoji biyu, a tsayar da ɗaya yau, ɗayar gobe, a ga daren da cajin ya zauna.

Su kuwa manhajojin nan masu alkawarin sanyaya waya da ƙara wa batir ƙarfi, masu hoton roket ko tsintsiya, ra'ayina a kansu gajere ne: a goge su. Abin da suke yi shi ne kashe manhajojin da ke kwance shiru cikin ƙwaƙwalwa ba sa cin komai, tsarin kuma ya sake tayar da su, kuma tayarwar ta fi kwanciyar tsada. Su kansu kuma a farke suke kwana don su jawo talla. A wayar ƙanwata akwai guda biyu, kowace na ikirarin tana gadin batir, kuma babu wadda ta ce uffan a kan fim ɗin da ya maƙale.

Layin nan na biyu yanzu tana kunna shi ne ranar Juma'a kaɗai, ta duba ko an aiko da saƙo. Kuɗin batirin kuwa ta ƙara a kai ta sayi ƙaramar fitila mai sola, domin ta gano cewa wani ɓangare na cajin da take zargin dare da sha, tocilar wayar ce yara ke kunnawa su yi aikin gida kafin ta karɓe ta.